Atamfar anko ta ƙare a shago, maigida ya ce kada in ce babu

Assalamu alaikum. Ni yaron shago ne a Babbar Kasuwar Katsina, atamfa da leshi muke sayarwa. Maigidana ya hana mu ce wa mai saye babu, sai dai mu ce "gobe za ta iso". Kwanan baya wata Hajiya ta yi ta zarya a kan atamfar da ba ta zo ba, ƙarshe ta yi mini faɗa a gaban mutane, ba ta sake tako shagon ba. Yanzu ga wata tana son turmi 25 na ankon bikin 'yarta, saura 9 gare mu. Ba na son yin ƙarya, ba na son saɓa wa maigida, kuma ba na son cinikin ya wuce mu. Yaya zan yi?

Ɗan'uwanku daga Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi maka albarka da abin ya dame ka, don da yawa sun saba da "gobe" har ba sa jin nauyinta a baki.

Kafin ka buɗe baki ka gaya wa Hajiya komai, akwai abin da ya kamata kai kanka ka fara sani: wane irin ƙarewa atamfar nan ta yi? Wani lokaci a kan kanta kawai ta ƙare, akwai sauran dila a sito ko a shagon maƙwabci, wannan maganar minti goma ce. Wani lokaci ta yi kasuwa a Katsina amma tana nan jibge a Kantin Kwari, wannan maganar kwanaki ce. Wani lokaci kuma zanen ne ya yanke gaba ɗaya, masu shigo da shi sun sayar da na ƙarshe, an koma sabon yayi, kuma ko shekara za a yi ana jira ba lallai a sake buga shi ba. Amsar da za ka ba mai saye ta bambanta a kowanne. Laifin "gobe za ta iso" shi ne ana faɗinta kafin a san wanne ne a ciki, sai a wayi gari an yi wa mutum alkawarin abin da babu shi ko a Kano.

Sanin ba wuya. Ka ba Hajiya wurin zama, ka ce ta yi maka haƙurin 'yan mintoci ka bincika. Ka ɗauki hoton atamfar, sannan ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin turmin da rubutun da ke bakin zanen, inda sunan kamfani da lambar zane suke. Wannan hoto na biyu ya fi na farko amfani nesa ba kusa ba. Zane ɗaya kamfanoni da yawa ke kwaikwayonsa, mai tsada da mai araha, kuma a waya duk kamarsu ɗaya. Idan hoton fure kawai ka tura wa dillalinku na Kwari, zai ce maka akwai, kuma bai yi ƙarya ba, sai kaya sun iso ka taras da wata daban mai ƙaramin jiki. Ka tura lambar, ka yi masa tambaya a sarari: wannan lamba, wannan kala, turmi nawa ke hannunka yanzu, kuma nawa ne kuɗinta yau? Idan ya ce "za a samu", ka sani bai gan ta ba tukuna. Wanda ke da kaya a gabansa adadi yake faɗi, kuma ba ya jin wuyar turo maka hoton tarin.

Yayin da kake jiran amsa, ka yi wa Hajiya tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda yawancin yaran shago ba sa yi: yaushe ne bikin? Daga wannan rana ake lissafi, ana dawowa baya. A ce yau Litinin, ta ce maka za a fara da kamu ranar Alhamis ta huɗu daga yau, kwana 24 ke nan. Da ji kamar akwai lokaci. To amma atamfa ba a ɗaura ta daga leda. Ka tambaye ta kwana nawa telolinsu ke ɗauka, a ce ta ce mako biyu, kuma ka san in biki ya kusanci Sallah ko mako biyun ma sai da magiya. Cire 14, saura 10. Sannan sai an raba: wata ƙawar amarya tana Dutsin-Ma, wata gwaggo tana Jibiya, wata sai an kira ta sau uku kafin ta turo kuɗi. Ba su kwana 4. Abin da ya rage a hannunka kwana 6 ne. Idan atamfar ba ta shiga hannun Hajiya ba zuwa Lahadi mai zuwa, ta zama ba ta da amfani gare ta, ko da ta iso daga baya da rahusa. Ka yi wannan lissafin da ƙarfi a gabanta, da yatsu in ta kama. Sau da yawa ita ma ba ta zauna ta ƙirga ba, hidima ta sha mata kai, kuma daga nan za ta gane kana tare da ita a kan bikin.

Sai ka dubi naku ɓangaren. Tsakanin Kano da Katsina tafiyar 'yan sa'o'i ce, shi ya sa bakin mutane ke saurin cewa gobe. Amma kaya ba sa tafiya kamar fasinja. Sai maigida ya amince ya tura kuɗi, sai dillali ya haɗa ya ɗaure, sai an kai tasha, sai mota ta cika, sai direba ya sauke an ɗauko zuwa kasuwa. Kowane mataki na iya cin rabin yini. Ka fi ni sanin ranar da maigidanka ke sari. In Laraba ce, kayan na iya kwana a Katsina ran Laraba da dare ko su iso Alhamis. To kada ka ce mata Laraba. Ka ce kuna sa rai Alhamis, kuma ka faɗi ranar da ba za a wuce ba, Asabar. Kwana biyun da ka ƙara saboda lalacewar mota ne da Juma'a da ke tsakani, ga shi har yanzu kana cikin kwana 6 ɗinta.

Maganar da za ta fito daga bakinka za ta iya zama kamar haka: "Hajiya, gaskiya turmi 9 suka rage mana, ba za su kai ki ba. Na tura wa mutuminmu na Kwari lambarta. Gobe Talata bayan La'asar zan kira ki da amsa ɗaya cikin biyu. In ya tabbatar da ita, Alhamis muke sa ran isowarta in sha Allahu, ba za ta wuce Asabar ba, kuma kada ki taso sai na kira na ce tana hannuna. In kuma babu, goben zan gaya miki, don kada a ci miki lokacin tela. Kafin nan bari in nuna miki abin da muke da shi da zai kai 25, ki zaɓi na ko-ta-kwana."

Ka lura akwai ranaku biyu a ciki, kuma ta farkon ta fi ta biyun daraja. Ranar isowar kaya ba a hannunka take ba. Ranar da za ka ba da tabbatacciyar amsa kuwa taka ce, babu direba ko dillalin da zai hana ka cika ta. Ka kuma lura da inda in sha Allahu ta zauna: bayan an faɗi rana. Mutanenmu sun gane wanda ke faɗinta don neman yardar Allah a kan abin da ya tsara, sun kuma gane wanda ke faɗinta don ya sallami mutum. Batun "kada ki taso" shi ma kada ka raina shi. Abin da ya fi ƙona ran mai saye shi ne kuɗin Napep da aka kashe, da girkin da aka bari, da izinin fita da aka nema, a zo a tarar da wayam. In daga Kaita ko Rimi mutum ya taso, yininsa ne gaba ɗaya ya tafi. Idan za ka karɓi lamba, ka tambaya da ladabi wace lamba za a kira, don wata ta fi son a kira ɗanta ko maigidanta. Ka rubuta a littafin shago tare da lambar atamfa da adadi da ranar da ka yi alkawari, kada ka dogara da kanka.

Yanzu ga tarkon da na fi ji maka tsoro, kuma shi ne wanda maigida zai fi so: a sayar mata da 9 ɗin yau, a ce saura 16 na tafe. Kada ka yi haka sai dillali ya tabbatar, kuma ko ya tabbatar akwai abin dubawa. Lamba ɗaya, kamfani ɗaya, amma in ba bugu ɗaya ba ne kalar na iya ɗan bambanta, wannan jan ya fi wancan cizawa, ko shuɗin ya ɗan yi haske. A turmi ɗaya ba wanda zai kula. A anko kuwa, inda mata 25 za su jeru a hoto ɗaya, ido na kamawa nan take, kuma Hajiya ce za ta sha tambaya a wajen dangi. Mafi aminci shi ne a sayo 25 ɗin duka daga dila guda, ku bar 9 ɗinku ga masu sayen ɗaiɗai, ba za su yi kwantai ba tunda zanen na tafiya. In ba a sami 25 ba sai 16, to idan sun iso ka fito da ɗaya daga tsofaffin da ɗaya daga sababbin bakin ƙofa, ka shimfiɗa su gefe da gefe a hasken rana. Fitilar cikin shago tana ɓoye bambanci, hoton waya kuma ya fi ta ɓoyewa. In ka ga bambanci ka nuna mata da kanka. Tana iya cewa ba komai, ta ba iyaye 9 ɗin ta ba ƙawaye 16, tunda ba tare suke zama ba. Wannan shawararta ce ta yanke, muddin ta gani da idonta kafin almakashi ya taɓa.

Wajen nuna madadi, kada ka sauke mata rabin kanta. Mutumin da ya zo da abu ɗaya a ransa, in ka zube masa kala ashirin sai ya rikice ya ce zai je ya yi shawara, kuma shawarar a wani shagon take ƙarewa. Ka fara gano me ya ja ta ga waccan atamfar. Wata kalar ce, don an riga an sayi mayafi da ɗankunne, ko amarya ta ce launin bikinta ke nan. Wata zanen ne. Wata kuma, ko ba ta faɗa ba, kuɗin ne, don ta riga ta sanar da mutane abin da kowa zai biya. Tambaya ɗaya ta isa: "Hajiya, an riga an sanar da kuɗin ankon?" In an sanar, duk abin da ya haura wannan kuɗi nauyi ne a kanta. A ce an ce wa mutane naira 12,000, kai kuma ka nuna mata ta 14,000. A bakinka ƙarin 2,000 ne, a aljihunta 50,000 ne, ko kuma ta bi mutum 25 tana ba da haƙuri. Don haka ka faɗi kuɗin kowace kafin ka warware ta, kada ta so abu sannan ta ji farashi. Ka fito da biyu, in ta yi yawa uku, kuma kowace ka tabbatar kun ƙirga ta kai 25 a sito. Babu abin kunya kamar a rarrashi mutum ya haƙura ya koma wata, sannan a gano ita ma 18 ce.

Wani hali da ya zama ruwan dare a kasuwa, ina roƙonka ka guje shi: kushe abin da ya ƙare don a sayar da wanda ke akwai. "Ai waccan zuba take yi, wannan ta fi ta." In gaskiya ne tana zuba, me ya sa kuka sayar wa mutane sauran? In ba gaskiya ba ne, mako mai zuwa za ta dawo kanta, kuma Hajiyar nan na iya shigowa ta ji kana yabonta ga wata. Ka faɗi bambancin yadda yake. Wannan ta fi kauri, wannan ta fi laushi amma ba ta kai waccan riƙe guga ba, wannan kamfaninsu ɗaya. Abin da ba ka gwada ba kada ka rantse a kansa.

Idan maƙwabcinku na da ita, to ka san al'adar kasuwa: a ɗauko a sayar, a ba shi kuɗinsa, a sami ɗan abin da aka samu. Ba laifi, amma ka je ka gani ka ƙirga, ku daidaita da shi, kafin ka yanke mata farashi. In kuma ribar ba ta taka kara ta karya ba, ko maƙwabcin ya ƙi bayarwa, ka nemi izinin maigida ka raka ta har can. Na san wannan na da ciwo. Amma uwar amarya ba anko kaɗai take saye ba. Akwai kayan fitar biki, akwai na gara, watanni kaɗan kuma ga suna. Wanda ya fitar da ita kunya a makon da take cikin ruɗani, shi za ta fara nema.

Sai maganar kafin alƙalami. Daidai ne shago ya nemi wani abu kafin ya sayo turmi 25 saboda mutum ɗaya, amma kada ka karɓi ko sisi kafin dillali ya tabbatar da adadi da farashi. Wannan ba sabon al'amari ba ne. Sahabi Hakim ɗan Hizam, Allah ya yarda da shi, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da ke zuwa neman abin da ba ya da shi, ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo, sai aka hana shi sayar da abin da ba ya wurinsa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Inda shari'a ta yarda a biya kafin kaya su zo, wato cinikin salam, ta shardanta a san ma'auni a kuma san wa'adi. Hukuncin dalla-dalla ka zauna da malaminku na kasuwa ya warware maka, amma ko daga nan ka ga "gobe" maras tushe ba ta da wurin zama. In an karɓi kuɗi, a rubuta a rasit: lamba, kala, turmi 25, farashin da aka tsayar, abin da ta biya, ranar ƙarshe, da cewa in Asabar ta wuce babu kaya za a mayar mata da kuɗinta cif a ranar, ba a ce sai dai ta ɗauki wani abu ba. Farashin ma ka tsayar da shi tun yanzu, don kayan Kwari na motsi da canjin kuɗi. In dillali ya ce ba zai riƙe farashin ba sai an biya, ka gaya mata haka tun kafin ta miƙa hannu a jaka.

To in Alhamis ta zo mota ba ta zo ba fa? Kai za ka fara kira, da hantsi, kafin ta kira. Ka faɗi abin da ya faru da sabuwar ranar, ka tuna mata cewa na ko-ta-kwanan da ta zaɓa yana nan a ajiye. Sau ɗaya ake ɗaga rana. In ta biyu ma ta kuskure, kada ka nemi ta uku, ka ce mata ta ɗauki madadin ko ta karɓi kuɗinta, ko da dillali na rantsuwa kaya na kan hanya. Yaran shago da yawa a nan suke kashe waya don kunya, alhali kiran minti ɗaya ne ke raba jinkiri da yaudara a idon mai saye.

Saura maigida, kuma a nan ina so ka yi taka-tsantsan, don shagonsa ne, ka kuma ci gishirinsa. Ka fahimci abin da yake tsoro: mai saye ya ji babu ya juya, shi ke nan. Tsoron na da tushe, don babu tsurarta korar mutum take yi. Abin da na shimfiɗa maka bai saɓa wa manufarsa ba, tunda ba ka bar Hajiya ta fita hannu rabbana ba, ta fita da ranar kira da atamfar da aka ajiye mata. Kada ka je masa da wa'azi, kuma kada ka yi maganar a gaban sauran yara ko masu saye. Ka bari an tashi kasuwa, ko kuna dawowa daga masallaci, ka ce: "Alhaji, ina neman izini. Masu anko in an ce musu gobe suna dawowa su tara mana jama'a. Ka yarda in riƙa kiran mutuminmu na Kwari a gabansu, in ba su ranar da ka ga za ta yiwu?" Ka bar masa yanke ranar, don shi ya san lokacin da kuɗi ke hannu. Sau da yawa abin da ke hana kaya zuwa bashin dillali ne da ba a biya ba, kuma ba zai gaya maka wannan ba. In ka ga yana kauce wa faɗin rana, ka ɗauka kayan ba sa kusa, ka karkata Hajiya ga madadi tun da wuri ba tare da ka tona masa asiri ba.

Littafin nan da na ce ka riƙa rubutu a ciki zai taimake ka a wajensa fiye da kowace hujja. Duk abin da aka nema ba a samu ba ka rubuta, ko turmi ɗaya ne, da adadin da ranar. Daren da zai tafi sari ka miƙa masa. Ɗan kasuwa in ya ga mutum biyar sun nemi lamba ɗaya a mako guda, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

In duk da haka ya dage sai ka ce gobe alhali kun san babu, ka gaya masa cikin ladabi cewa bakinka ba zai iya ba, ka roƙe shi idan irin wannan ta taso ya riƙa yi wa mai sayen magana da kansa, kai kuma ka ɗauki sauran aikin. Yawancin iyayen gida ba sa korar yaro a kan wannan, don yaron da ya ƙi yi wa baƙo ƙarya shi suke bar wa makullin sito.

Ita kuma Hajiyar farko, in kana da hanyar samunta, ka nemi izinin Alhaji ka kira ta ko ka aika a gaishe ta. Ka ba ta haƙuri a kan zaryar da ta yi, kada ka ɗora wa direba ko dillali, kada kuma ka haɗa da tallan sabon kaya a wannan kiran.